Akwatin da Ya Dawo Daga Tsallaken Gada

A watan Afrilun 2015 babu wanda ya yarda da kowa a Jimeta. Mutanen Michika da Madagali da suka gudo daga rikici sun cika azuzuwan makarantu da harabar coci-coci da zaurukan 'yan uwa, garin da ya karɓe su da hannu biyu kuma ya fara kallonsu ta wutsiyar ido. Mai shago a Dubeli ba ya bari ka ajiye leda a bakin ƙofarsa. Mai keke sai ya tambayi abin da ke cikin buhunka kafin ya tambayi inda za ka.

A wani gida a Bekaji wata ƙungiyar agaji ta kama haya, ta mayar da falon ɗakin ajiyar allurar rigakafi. Firiji biyu ne a ciki, da firiza ɗaya mai murfi a sama, da dogon tebur. Mai kula da ɗakin shi ne Malam Hamajoɗa, mutumin cikin garin Yola, siriri, wanda ya yi ritaya daga aikin lafiya na gwamnati ya tarar fansho ba ta ciyar da gida. Ba ya yawan magana, ba ya bayanin abin da yake yi. Yana ganin duk wanda yake da ido zai gani.

Keturah tana da ido, baki ne ba ta da shi. 'Yar Numan ce, ɗalibar makarantar koyon aikin lafiya, an turo ta wajen ne ta koyi aiki na 'yan watanni kafin ta koma ta rubuta jarrabawar ƙarshe. Idan aka yi mata magana sai ta kalli takalminta. Tana zuwa kafin lokaci, ta goge tebur, ta duba ma'aunin sanyin firiji, ta tabbatar yana tsakanin biyu da takwas kamar yadda aka rubuta a bango. Abu ɗaya ta riƙe gam daga makaranta, kuma duk wanda ya taɓa kwana a Yola a watan Afrilu zai riƙe shi ko ba makaranta: zafi yana kashe allura. A jikin kowace kwalba akwai ɗan tambari, murabba'i fari a cikin da'ira. Idan zafi ya taɓa kwalbar murabba'in yana duhu, idan ya yi duhu kamar da'irar an gama, sai zubarwa. Ta san wannan. Tana tsoronsa fiye da yadda take tsoron Malam.

Duk ranar da za a kai allura sansanin 'yan gudun hijira, tana tarar Malam ya riga ya fito da gorunan ƙanƙara daga firiza, waɗannan faffaɗan robobin da ake jerawa a cikin akwatin sanyi, ya shimfiɗa su a kan tebur suna gumi. Yakan ɗauki ɗaya ya kai kunne ya girgiza, ya mayar. Ba ta taɓa tambayar dalili ba. A ranta ta sa shi cikin ɗabi'un tsofaffi, kamar yadda yake kaɗa kofin shayinsa bayan ya shanye.

Ranar Talata aka kira Malam da sassafe, an yi rasuwa a unguwarsu. Ya fito da gorunan, ya ware allurar da za a kai wani sansani a tsallaken gada, ya ce mata idan direba ya zo ta shirya akwatin ta ba shi. Ya tafi.

Direban bai zo da wuri ba, yana layin mai. Keturah ta zauna tana kallon gorunan suna zubar da ruwa a kan tebur. Ta taɓa ɗaya ta ji ya yi laushi. Ta tuna shingen sojoji na bakin gada, inda mota kan yi rabin yini a rana, ta tuna murabba'in nan fari. Sai ta yi abin da take ganin kowane mai hankali zai yi. Ta kwashe gorunan da suka yi laushi ta mayar firiza, ta ciro sababbi masu tauri kamar dutse, masu manne wa yatsa, ta jera su a ƙasan akwatin da gefunansa. Ta zuba kwalayen allura ta matse su da kyau don kada su yi motsi a hanya, har da ta Penta da ake yi wa jarirai da ta tetanus ta masu ciki. Ta saka 'yar na'urar nan mai kamar akwatin ashana da Malam kan saka a tsakiya, ta ɗora wasu gorunan a sama, ta rufe. Rabonta da jin daɗin aiki irin na ranar har ta manta.

Da yamma akwatin ya dawo, ba a taɓa Penta da tetanus ko ɗaya ba. Nas ɗin sansanin ta buɗe ta tarar 'yar na'urar ta sauya daga alamar daidai zuwa alamar gicciye, wanda ke nufin abin da ke ciki ya zauna a ƙasa da sifili fiye da awa guda. Ta ɗiga wa yara maganin shan inna, ta yi allurar ƙyanda, don waɗannan sanyi ba ya yi musu komai, ta sallami sauran iyayen da suka wuni a layi, ta dawo da sauran.

Wanda ya fara ɗaga murya shi ne Harrison, jami'in mulki na ofishin, mutum mai ƙiba da ke yawo da makullai a ƙugu. Bai san bambancin Penta da maganin ɗigon ido ba, amma ya san lissafin lokaci, kuma lissafin ya nuna masa direba ya bar Bekaji kafin goma bai isa sansanin ba sai bayan azahar. Malam, wanda ya dawo daga wajen rasuwar, ya ce shi da hannunsa ya fito da gorunan tun asuba, kafin a shirya akwati sun huce, ba za su daskarar da komai ba. To idan gorunan ba su yi ba, in ji Harrison, wani abu ya yi a hanya.

Direban sunansa Mu'tasim. Mutumin Madagali ne, ya zo Yola a ƙafa da matarsa da 'ya'ya uku, an ɗauke shi aiki saboda ya san hanyoyi kuma ba ya musun albashi. Ya ce shingen gada ne ya riƙe shi. Da aka matsa, ya ce ya tsaya a Dubeli ya ajiye wa matarsa garin masara a shagon surukinsa. Maigadi ya ce ai surukin nan ƙanƙara da ruwan leda yake sayarwa, firiza uku gare shi. Daga nan labarin ya haɗa kansa ba tare da kowa ya sha wahala ba: Mu'tasim ya ajiye allura a firizar surukinsa don kada ta lalace, ya tafi ya yi kabu-kabu da motar ofis, ya dawo ya kwashe. Wannan shi ne labarin masu sauƙin kai. Mai shara ta tuna cewa ƙanin Mu'tasim bai fito daga Madagali ba, kuma ba a ga gawarsa ba. Kowa ya san su wane ne ba sa son a yi wa yara allura.

Harrison ya karɓi makullin mota. Ya ce gobe zai rubuta wa manyansa, kuma yana da wani da ya sani a cikin jami'an tsaro wanda ya kamata ya ji wannan magana, don a wannan zamani ba a rufe irin wannan. A Yola ta lokacin, idan aka kai sunan mutumin Madagali wurin jami'an tsaro, matarsa takan fara koyon zaman jira.

Mu'tasim ya rantse. Rantsuwar ba ta taimake shi ba, don kowa yana rantsuwa.

Keturah tana tsaye a jikin firiji duk wannan lokacin. Babu wanda ya tambaye ta komai. Mutum mai kunya yana da wannan gata, ana mantawa yana da hannu. Da farko ma ba ta gane abin da ake faɗa ba, don ba ta taɓa jin an ce sanyi ya yi yawa ba, ko ta ji a aji ya wuce ta saman kanta. Sai da Malam ya ce gorunan sun huce kafin a shirya akwati, sannan ta gane abin da ta yi.

Malam ya ce kada a rubuta wa kowa komai tukuna. Na'ura tana faɗin an yi sanyi, ba ta faɗin allura ta mutu. Sai an gwada, gwajin kuma sai gobe. Ya ɗauko kwalba ɗaya ta Penta daga firiji, daga rukuni ɗaya da waɗanda aka kai amma wadda ba ta je ko'ina ba, ya rubuta a jikinta da jan biro cewa an daskarar da ita, ya yi wa ta tetanus haka. Ya ɗaga murfin firiza zai saka su. Ya daɗe a sunkuye. Shi a tsaye yake jera gorunansa, gefe da gefe, da ɗan fili a tsakani don iska. Waɗanda ke sama yanzu a kwance suke, an ɗora su kan juna. Ya danna ɗaya da babban yatsa. Ya saka kwalaben, ya rufe murfin, ya ce kowa ya tafi gida.

Bai kalle ta ba. Rashin kallon ne ya bi ta har Rumde, gidan goggonta inda take zaune. Ta yi ta juya abin. Wataƙila bai lura ba. Wataƙila ya lura yana jira ta faɗa da bakinta don ya kore ta da hujja. Wataƙila ma Mu'tasim ya saka allurar a firizar surukin da gaske, to kuwa nata kuskuren bai canza komai ba. Ta riƙe wannan na ƙarshen na ɗan lokaci, don yana da daɗin riƙewa. Idan aka kore ta makaranta ba za ta bari ta rubuta jarrabawa ba, kuma uwarta a Numan ta sayar da aladu biyu kafin ta kai wannan aji.

Da safe ta tarar da Mu'tasim a zaune a kan benci a waje, ya sa rigarsa ta Juma'a ranar Laraba. Kusa da ƙafarsa akwai leda, ta hango buta da ɗan bargo a ciki. Ya shirya ne irin shirin wanda ba ya sa ran kwana a gida. Ya gaishe ta kamar kullum, ya kira ta 'yar makaranta, ya tambayi goggonta.

A ciki Malam ya fito da kwalaben jiya tun da wuri, sun narke. Ya ɗauko kwalba ɗaya ta Penta daga akwatin da ya dawo, an ware shi a firiji da takarda a kai cewa kada a taɓa. Harrison yana tsaye da wayarsa a hannu. Malam ya miƙa wa Keturah kwalaben Penta biyu, ta akwati da wadda ya daskarar, ya ce ita za ta yi, ai koyo ta zo. Ta riƙe su a hannu ɗaya ta girgiza sosai har ya ce ya isa. Ta ajiye su a kan tagar gefe da gefe, inda haske ke ratsa su, ya ce kada kowa ya taɓa tebur ko taga.

Ya yi bayani, abin da bai saba ba. Allurar nan akwai wani farin sinadari a cikinta mai laushi kamar kamu, shi ke riƙe maganin. Idan lafiyarta ƙalau, in ka girgiza sai ta yi fari kamar madara ta daɗe a haka, tana kwanciya a hankali. Idan ta taɓa daskarewa, sinadarin yana dunƙulewa ya zama tsaki-tsaki, ya zube ƙasa da sauri ya bar ruwa garau a sama, kuma ko ka girgiza har gobe ba ya komawa yadda yake. Wadda ya daskarar da gangan ita ce ma'auni. Idan ta akwati ta fi ta jinkirin kwanciya, ta tsira. Idan sun tafi tare, ta mutu. In ka yi wa jariri ita, ka huda shi a banza, wataƙila wurin ya kumbura, uwarsa ta tafi tana ganin ɗanta ya samu kariya. Tambarin jikin kwalbar kuwa fari tas zai nuna maka, don shi zafi kaɗai ya sani.

Suka tsaya suna kallo. Kwalaben biyu suka fara washewa daga sama, tare, kamar sun yi shawara. Harrison ya yi tsaki ya fara neman lamba a waya.

"Baba," in ji Keturah. "Baba, ni ce. Na mayar da waɗanda ka fitar. Na ga sun narke. Na sa masu ƙarfi."

Harrison ya sauke wayar, bai kashe ta ba. Ya tambaye ta ko direban ne ya ce ta faɗi haka, ko ya ba ta wani abu, ko ya tsorata ta. Ya ce ta faɗi gaskiya babu abin da zai same ta. Ta girgiza kai. Ya ce abin mamaki ne yarinyar da ba ta iya cewa ina kwana ta tashi yau da labari cikakke. Malam ya ɗaga murfin firiza ya nuna masa gorunan da ke kwance, ya ce tun da ya fara aiki bai taɓa kwantar da gora ba, kuma jiya da ya danna na saman cikinsu bai gama ƙanƙara ba, alhali waɗanda suka kwana biyu a ciki ya kamata su yi tauri. Harrison ya ce duk da haka mutumin ya tsaya a Dubeli da motar ofis. Malam ya ce to a yi masa faɗan garin masara.

Harrison ya fita yana kaɗa makullai. An bar su biyu.

Keturah tana jiran kora. Malam ya sa ta gwada tetanus ɗin, da wasu kwalabe daga kowane gefe na akwatin, sama da ƙasa da tsakiya. Duk sun tafi tare da ma'aunin. Ya sa ta kwashe su da hannunta ta zuba a kwali, ta rubuta a kai cewa ba na amfani ba ne. Ya gaya mata wannan shi ne kason sansanin na wata, kafin a sake samun wani daga babban ɗakin ajiya na jiha sai an yi rubuce-rubuce an jira, kuma cikin matan da suka wuni a layi jiya akwai waɗanda ba za su dawo ba, wasu za su koma ƙauye, wasu za su ce dama an faɗa musu allurar ba ta da kyau. Bai sassauta ko ɗaya ba. Ta yi kuka, ya bar ta ta gama.

Sannan ya ciro gora ɗaya daga firiza ya ba ta ya ce ta girgiza a kunnenta. Ba ta ji komai ba. Ya ajiye a tebur, suka ci gaba da aiki. Can ya ce ta sake. Ta ji ƙanƙarar ta saki jikin robar tana ƙwanƙwasawa, ruwa yana motsi a gefenta. Ya ce wannan ƙarar ake jira. Daga firiza gora tana fitowa da sanyin da ya yi ƙasa da sifili da nisa, duk abin da ta jingina da shi sai ya daskare. Idan ruwa ya fara motsi ta dawo sifili, a nan za ta tsaya har ƙanƙarar ta ƙare, kuma akwati mai kyau zai riƙe wannan sanyin ya wuce kowane shingen soja. A goge ta, a jera, a bar allura a kwalinta, a sa masu tsoron sanyi a tsakiya inda ba za su taɓa gora ba.

"Kin ga ina yin haka kullum," in ji shi. "Me kika ɗauka nake yi?"

Ta ce ta ɗauka ɗabi'arsa ce kawai.

"Wato tsufa." Ya mayar da gorar kan tebur. "Ni ban faɗa ba, ke ba ki tambaya ba. Zan rubuta haka a rahoto, sunana a sama, naki a ƙasa. Daga yau duk abin da kika ga na yi ba ki gane ba, ki tambaya, ko ina salla ki jira in sallame ki tambaya."

Ta tambaye shi, kuma ita ce tambayarta ta farko a ɗakin, me zai yi da ba ta yi magana ba. Ya ce da ya buɗe firizar a gaban Harrison ya tambaye ta, kuma da yau ce ranarta ta ƙarshe. Ya ce kwana ɗaya ya ba ta, kuma ba daga aljihunsa ya ba ta ba, daga na mutumin da ke zaune a waje ne, don haka shi ma yana da abin da zai je ya faɗa masa. Amma ita za ta fara.

Ta fita. Mu'tasim ya riga ya ji, maigadi ba ya riƙe labari. Makullin motar yana kan bencin kusa da shi, Harrison ya ajiye ya wuce. Ta durƙusa a gabansa ta ce ya yafe mata, ta faɗi abin da ta yi tun daga farko, tana kallon ƙasa.

Ya saurara har ƙarshe. Ya tambaye ta ko jiya da yamma ta san ita ce. Ta ce ta sani.

"To," in ji shi. "Matata ba ta yi barci ba."

Ya ce ya yafe, don ba shi da halin riƙe mutum a garin da ba nasa ba. Ya tambayi Malam, wanda ya fito ya tsaya a bakin ƙofa, ko Oga Harrison ya riga ya kira mutumin nasa tun jiya. Malam ya ce ya tambaye shi, ya ce bai kira ba. Mu'tasim ya tambaya ko Malam ya yarda da hakan. Malam ya ce bai sani ba, amma daga yau shi zai riƙa zama a gaban mota duk ranar da za a tsallaka gada, da katin shaidar aikinsa a wuya, har a ga yadda hali ya yi.

Mu'tasim ya ɗauki makullin. Ledar da ya zo da ita bai mayar gida ba, ya tura ta ƙarƙashin kujerar direba, ya tayar da mota ya tafi layin mai.